Manajan ofis ya ce a kwashe fayiloli zuwa sabuwar folda kafin Juma'a

Maman Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Masu aikin ofis ku ba ni shawara. Ni akawu ce a wani ƙaramin kamfanin kwangila a Kano, mu goma sha huɗu ne masu amfani da kwamfuta, kuma duk takardunmu suna kan saba guda, wato babbar kwamfutar ajiya ta ofis, wadda muke gani a matsayin `S:`. Jiya Litinin manajan ofis ya turo mana wannan wasiƙa. Na cire sunaye:

"Zuwa ga dukkan ma'aikata. Daga yau foldar da muke tarayya a kanta za ta koma manyan foldoji shida kawai:

```
01_Gudanarwa
02_Kudi
03_Kwangiloli
04_Maaikata
05_Samfura
99_Tsofaffi
```

Ba wanda zai ƙirƙiri babbar folda sai da izinina. A cikin kowace folda kada a yi zurfin da ya wuce hawa uku. Sunan kowane fayil zai fara da shekara, wata, rana, sai lambar kwangila, sai irin takardar, sai lambar gyara, kamar haka:

```
2025-03-04_K014_Rasit_v01.pdf
```

Kada a bar sarari a cikin suna, kada a sa haruffa masu lanƙwasa, kuma kada a ƙara rubuta `final` ko `sabo` ko `na karshe`. Kowa ya kwashe tsofaffin fayilolinsa zuwa sabon wuri, ya sauya musu suna, kafin tashi daga aiki ranar Juma'a. Bayan nan za a rufe tsohuwar folda."

Tambayata biyu ce. Wannan ƙa'idar suna tana da wani amfani, ko dai neman wahalar da mutane ne? Sannan ni kaɗai ina da takardun shekara shida, ta yaya zan sauya musu suna ɗaya bayan ɗaya a kwana huɗu, ga albashin ƙarshen wata yana jira?

Ɗanliti: Wahala ce kawai Hajiya. Yanzu wa yake bin folda folda yana neman takarda? Ka rubuta kalma ɗaya a akwatin bincike, ta fito. Manajanku ya je wani taron bita ne ya dawo yana son nuna ya koyo abu.

Malam Habu: Ɗanliti, akwatin bincike yana nemo abin da aka rubuta ne kawai. Je ka buɗe foldar kowane ofis ka ƙirga fayilolin da sunansu `Scan0001.pdf` ko `IMG-20250304-WA0012.jpg`. Hoton rasit ne da aka ɗauka da waya, babu rubutun da kwamfuta za ta karanta a ciki, sunan kuma bai ce komai ba. Wace kalma za ka rubuta ta fito?

Hajiya, aikina ke nan, kula da kwamfutocin ofisoshi, kuma na ga irin wannan wasiƙa ba ɗaya ba. Rabin farko nata daidai ne. Layin ƙarshe, na cewa kowa ya kwashe kayansa kafin Juma'a, shi ne inda matsala take, zan dawo kansa. Bari in fara da ranar, domin ita mutane suka fi ƙorafi a kai.

Kwamfuta tana jera sunaye ne daga hagu zuwa dama. Idan kika rubuta rana a gaba yadda muka saba, to da rana za ta jera su:

```
04-03-2025_Rasit.pdf
15-01-2025_Rasit.pdf
28-02-2024_Rasit.pdf
```

Kin ga na Maris ɗin 2025 ya hau sama, na Fabrairun 2024 ya koma ƙasa, alhali shi ne mafi tsufa. In kika sa shekara a gaba, sai wata, sai rana, jerin suna ya zama shi ne jerin lokaci, ba sai kin danna komai ba. Ba manajanku ya ƙirƙiro ta ba, ƙa'ida ce ta duniya mai suna ISO 8601, tun 1988 take. Ga kuma wani amfanin: 04-03 a wajenmu huɗu ga Maris ne, a wajen Ba'amurke uku ga Afrilu. Wanda ya ga shekara a gaba ya san wata ne ke biye, ba gardama.

Ɗanliti: Ai akwai `Date modified`, danna shi kawai komai ya jeru.

Malam Habu: Wannan ranar da aka taɓa fayil ɗin ƙarshe ce, ba ranar takardar ba. Wani ya buɗe wasiƙar 2022 yau, ya gyara waƙafi ɗaya ya adana, ta zama ta yau. Ka sauko da ita daga imel, sau da yawa ranar saukowa za ta ɗauka. Suna ne kaɗai yake bin fayil duk inda ya je.

Baba Rajista: Ni na yi shekara talatin da biyar a rajistar ma'aikatar gwamnati kafin in yi ritaya, don haka ku bar ni in ce wani abu. A zamaninmu ba da rana ake fara lambar fayil ba. Da sashe ake farawa, sai lambar batu, sai juzu'i, in fayil ya cika a rufe shi a buɗe juzu'i na biyu. Shugaba ba ya cewa a kawo masa takardar huɗu ga Maris, cewa yake a kawo fayil ɗin ɗan kwangila wane. Don haka ni a ganina lambar kwangilar ce ya kamata ta zo gaba, rana ta biyo baya. Yaran nan kun juya abin.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka tana kan hanya. Amma ka duba, aikin da bangon fayil yake yi a rajista, folda ce take yinsa a nan. A cikin `03_Kwangiloli` za a sami foldar `K014`, duk abin da ke ciki na wannan kwangilar ne, kuma a ciki ana so su jeru ne kamar yadda kuke jera shafuka a fayil, wanda ya fara zuwa shi ne a farko. Inda nake tare da kai shi ne foldar da ta haɗa kwangiloli da yawa wuri guda, kamar rasitan da ke `02_Kudi`. A can in an sa lambar kwangila a gaba, na kowa zai taru waje ɗaya.

Baba Rajista: To ka ga ashe ba ni kaɗai ba. In lambar tana gaba, ta yi aiki a wuraren biyu. A cikin `K014` duk sunaye da K014 suka fara, rana ce za ta raba su. Me aka rasa?

Malam Habu: Ba a rasa komai a can ba, Baba. Amma akawu irin Hajiya, in ƙarshen wata ya zo, rasitan Maris gaba ɗaya take so ta gani a jere don ta daidaita su da takardar banki, ba ruwanta da kwangilar da ta kawo su. Kowane tsari da wanda yake yi wa daɗi.

Maman Sadiq: Gaskiya ni da wata nake aiki, Baba. Ka yi haƙuri.

Baba Rajista: Ba komai 'yata. Amma ban sauka daga ra'ayina ba.

Safiya Zariya: Ni abin da ya tsaya min shi ne hana haruffa masu lanƙwasa. Ofis na Hausawa, a Kano, a ce a rubuta `Kudi` da `Maaikata`? Kwamfutar yanzu tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, na gwada.

Ɗanliti: Ba ta karɓa. Windows ba ta yarda da sarari ko baƙin haruffa a suna, shi ya sa manajan ya hana.

Malam Habu: A'a Ɗanliti, Safiya ce da gaskiya a nan. Windows tana karɓar sarari, tana karɓar ɗ da ƙ, har da alamar hamza. Alamomi tara ne kawai ta hana:

```
\ / : * ? " < > |
```

Shi ya sa ba za ka iya rubuta rana da layin karkace a suna ba. Dalilin hana lanƙwasa daban ne. A cikin mutum goma sha huɗu, nawa ne suke da ɗ a madannin kwamfutarsu? Wataƙila biyu. Sai ɗaya ya buɗe `Kuɗi`, wani ya zo bai lura ba ya buɗe `Kudi`, kuma a wajen kwamfuta suna biyu ne daban, za ta bar su su zauna gefe da gefe. Bayan wata uku rabin rasitai suna nan, rabi suna can. A cikin takarda ki rubuta Hausarki da ƙa'idarta, ba wanda ya hana. Sunan fayil dai a yi shi yadda kowa zai iya bugawa. Sarari kuma ba ya ɓata komai a kan saba, amma in aka mayar da sunan mahaɗin intanet, kowane sarari `%20` yake komawa, ya yi muni ya ƙara tsawo.

Safiya Zariya: Na ji dalilin, amma da ni ce manaja da na sa an saka wa kowa madannin Hausa, aikin minti biyar ne.

Alhaji Tanko Mai Gilashi: Hajiya ki yi hattara. Duk manajan da ya ce a tara takardu wuri ɗaya, so yake ya riƙa leƙa abin da kowa ke yi. Haka aka yi wa ƙanina, daga baya aka sallame shi. Ki sa wa kwamfutarki lambar sirri mai ƙarfi.

Maman Sadiq: Alhaji, takardun kamfani ne, da ma can a saba suke, kowa yana gani. Ba nawa na gida ba ne.

Malam Habu, ka ce za ka dawo kan Juma'a. Ita ce ta hana ni barci.

Malam Habu: To kafin nan in tambaye ki. Kina da fayil ɗin Excel da yake ɗauko lissafi daga wasu fayilolin?

Maman Sadiq: Ƙwarai. Akwai na taƙaitawar shekara. Kowane wata da nasa fayil na albashi, shi kuma na shekarar yana jawo jimillar kowane wata da kansa. Wanda na gada ne ya haɗa shi haka.

Malam Habu: Ki buɗe shi, ki danna gidan jimillar Janairu, ki kwafo mana abin da ke layin sama. Ba lambar ba, rubutun.

Maman Sadiq: Ga shi:

```
='S:\Akawu\Albashi 2024\[Janairu.xlsx]Sheet1'!$F$40
```

Malam Habu: Madalla. Kin ga fayil ɗin shekarar ya haddace adireshin na Janairu da sunansa harafi da harafi. Ranar da kika mayar da `Janairu.xlsx` ya zama `2024-01-31_Albashi_v01.xlsx` a cikin `02_Kudi`, wannan adireshin ya zama na gidan da aka tashi. Abin da ya fi haɗari shi ne ba lallai ki ga kuskure ba. Excel zai fito da saƙon cewa bai iya sabunta wasu mahaɗai ba, mutum ya danna ya wuce kamar yadda ya saba, lambobin da ya riƙe na ƙarshe kuma suna nan zaune a gidajensu kamar ba abin da ya faru. Sai ki gyara albashin Disamba a sabon fayil, ki ƙara wa wani naira dubu arba'in na bashin ƙarin lokaci, jimillar shekara ba ta motsa ba. Ba za ki sani ba sai mai binciken kuɗi ya zo ya ga biyun ba su daidaita ba.

Hanyar fita uku ce, gwargwadon hali. Mafi sauƙi, in fayil ɗin shekara da na watanni suna folda ɗaya, ki ɗauke foldar ɗungurungum ba tare da taɓa sunan komai ba. Excel yakan gane maƙwabtansa in sun tashi tare. Ta biyu, in dole sai an sauya suna, ki buɗe na shekarar da na Janairu a lokaci guda, ki yi wa na Janairu `Save As` da sabon suna a sabon wuri, sannan ki adana na shekarar. Da yake duka a buɗe suke, adireshin zai gyaru da kansa. Sau goma sha biyu za ki yi, wata ɗaya bayan ɗaya. Ta uku, in an riga an kwashe, ki shiga `Data`, ki nemi `Edit Links`, a sababbin Excel `Workbook Links` ake kiransa, ki danna `Change Source` ki nuna masa sabon wurin kowanne.

Ko wacce kika bi, ki gwada. Ki sauya lamba ɗaya a fayil ɗin wata da gangan, ki adana, ki buɗe na shekarar ki sabunta, ki ga ko jimilla ta motsa, sannan ki mayar da lambar yadda take.

Maman Sadiq: Innalillahi. Irin wannan fayil ɗin ina da shi na shekara shida, ga na harajin ma'aikata, ga na fansho.

Malam Habu: Shi ya sa na ce layin ƙarshe ne matsala. Da ni zan rubuta wasiƙar, cewa zan yi sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a kan sababbin takardu daga Litinin. Tsohuwar folda kuma a ɗauke ta yadda take, mutum ɗaya ya yi, bayan an tashi aiki kuma an yi mata kwafin ajiya a wani faifai daban, a saka ta a `99_Tsofaffi`, a kulle ta yadda za a iya karantawa amma ba a iya gyarawa. Kwangilolin da ke gudana da lissafin bana kawai za a tsamo a sauya wa suna. Rasit ɗin 2019 da ba wanda zai ƙara buɗewa, sauya masa suna ɓata lokaci ne. In mutum goma sha huɗu suka hau jan fayiloli cikin gaggawa a mako guda, wani zai ja folda ta faɗa cikin wata bai sani ba, wani zai kwafa maimakon ya ɗauke, a wayi gari da takarda ɗaya a wuri biyu ana gyara kowacce daban.

Injiniya Bello: In ƙara kan abin da Malam ya faɗa, mu a ofishinmu abin da ya kama mu tsawon adireshi ne. Windows a al'adarta tana tsayawa a harafi 260, kuma ba sunan fayil kaɗai take ƙirgawa ba, har da sunan duk foldojin da ke samansa. Sakatarenmu yana da ɗabi'ar sa wa wasiƙa kanunta gaba ɗaya a matsayin suna, layi biyu cur. Da aka tura tsohuwar folda ƙarƙashin wasu foldoji biyu, sai wasu fayilolin suka ƙi kwafuwa, kwamfuta tana ta cewa `Destination Path Too Long`. Mai kwashewar ya riƙa danna `Skip`. Sai bayan sati biyu aka gane wasiƙun wata kwangila sun rage a baya. Allah ya taimaka ba a goge tsohon faifan ba. Don haka dokar hawa uku ta manajanku, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Kuma duk wanda zai kwashe, ya danna `Properties` a tsohuwar da sabuwar ya gwada adadin fayiloli kafin ya ce ya gama.

Ɗanliti: To `v01` ɗin fa? Sifirin meye amfaninsa? Kwamfutata tana jera 2 kafin 10 lafiya lau.

Malam Habu: A tagar foldar Windows haka ne, ta iya ƙirga. Amma ka kwafe jerin sunayen zuwa Excel ka jera, za ka ga `v10` ya hau kan `v2`, domin harafi harafi yake bi. Sifirin ba ya cin komai.

Maman Sadiq: Akwai wani abu da muka yi ta gardama a kai a ofis da safe. Rasit an rubuta shi 28 ga Fabrairu, direba ya kawo min 4 ga Maris, na ɗauki hotonsa 6 ga Maris. Wace rana zan sa?

Malam Habu: Wasiƙar ba ta faɗa ba, kuma babban giɓi ne. Ni ranar da ke jikin takardar nake sawa, domin ita kaɗai ce kowa zai iya dubawa ya tabbatar bayan shekara biyu.

Baba Rajista: A rajista ranar da takarda ta iso muke buga wa hatimi, da ita ake kafa hujja in an ce ba a amsa da wuri ba.

Injiniya Bello: Na wasiƙun shigowa Baba na da hujja. Na rasit kuwa ranar jikinsa ce ke nuna watan da kuɗin ya fita. Manajan ne zai yanke, ya rubuta. Ki kuma tambaye shi takardun da ba su da rana ɗaya, kamar rajistar kadarori da ake ƙara wa layi kullum. In aka ce dole sai da rana a gaba, kowane mako wani zai yi sabon kwafi da sabuwar rana, ku koma inda kuka fito.

Safiya Zariya: Kuma an hana `final`, ba a faɗi abin da zai maye gurbinsa ba. Idan akwai `v01` zuwa `v05`, ta ina zan san wanda shugaba ya sa wa hannu? Wataƙila `v04` aka aika, `v05` wani ne ya fara gyara ya bari.

Malam Habu: Tambaya mai kyau. Wasu ofisoshin suna cewa duk abin da aka sa wa hannu a mayar da shi PDF, to PDF ɗin shi ne tabbatacce, sauran daftari ne. Wasu suna ƙara kalma ɗaya da aka amince da ita a ƙarshen suna, kamar `_Sahannu`. Kowanne yana aiki in kowa ya bi shi. Abu na ƙarshe Hajiya, tunda albashi kike riƙewa: wa aka ba izinin buɗe `02_Kudi` da `04_Maaikata`? Wasiƙar ta yi shiru. Kafin ki saka fayil ɗin albashi ko ɗaya a can, ki je kwamfutar mai karɓar baƙi, ta shiga da sunanta, ku gwada buɗe foldar. In ta buɗu, kada ki saka.

Alhaji Tanko Mai Gilashi: Kun ga abin da nake faɗa ke nan.

Maman Sadiq: Na je na sami manajan bayan azahar da tambayoyin a rubuce. Na nuna masa adireshin da ke cikin fayil ɗin shekara, ya yi shiru ya ce bai san haka abin yake ba. Ya yarda sashen kuɗi kada ya taɓa komai sai an biya albashi, kuma tsofaffin shekaru za su tafi `99_Tsofaffi` da sunayensu na da. Sauran sassan dai ya ce Juma'a tana nan. Na gwada foldar `02_Kudi` a kwamfutar gaba, ta buɗu, ya ce zai kira mai kula da saba gobe. Batun rana ya ce ta jikin takarda, amma da na kawo masa maganar wasiƙun shigowa sai ya ce zai yi tunani.

Baba Rajista: Ki ce masa ya sayi hatimi.

Injiniya Bello: Ki tambaye shi kuma ko "rufe" tsohuwar folda yana nufin kullewa ko gogewa. In gogewa ce, a bari sai mai binciken kuɗi ya gama aikin bana.

Maman Sadiq: Wannan ban tambaya ba. Ya riga ya fita wajen aiki, sai da safe in Allah ya kai mu.